Ban Ruwa a Sabuwar Rumfa

Duk wanda ya biyo hanyar Unguwar Hajji a shekarar nan, sai ya rage tafiya ya kalli rumfar Ɗantala maƙeri. Doguwa ce, ginshiƙanta na bututun ƙarfe, gefe uku a buɗe, bango ɗaya tal da aka shafe da farin fenti. A tsakiyar rufin kuma an jera fallayen kwanon roba guda huɗu, irin masu zubo haske, ta yadda da hantsi ko allura ka yar sai ka tsince ta. Masu wucewa kan ce ai wannan ba maƙera ba ce, ɗakin shan magani ne. Ɗansa Bahauddeen ne ya gina masa, kuma ya gina ne da zuciya ɗaya.

Bahauddeen ɗan fari ne, don haka a gidansu ba mai kama sunansa. Uwarsa Turai takan ce “wannan yaron”, ko da yake yaron ya kai shekara talatin da huɗu, yana da gemu da 'ya'ya biyu. Ubansa kuwa “kai” kawai yake cewa, in ta kama dole ya ari sunan da gari ya ba shi, wato Injiniya. Karatun sanin ƙarfe ya yi, yana kuma aiki a wani kamfani a Kano inda ake ƙera kayan injin noma. Sashensa shi ne na gasa ƙarfe da sanyaya shi. Yana da tanderu mai ƙofa, mai lambobi jajaye a goshi. In lamba ta nuna ɗari takwas da talatin, ya san ɗari takwas da talatin ne, ba ya tambayar kowa.

Tsohuwar maƙerar da ya rushe bukka ce ta kara, gajeriya, baƙa ƙirin da hayaƙin shekara arba'in. Tun yana yaro ya tsane ta. Ranar da aka gama sabuwa, a gaban jama'a ya ce, “Daga yau Baba ya daina zama cikin duhu kamar jemage.” Aka yi dariya, aka sa albarka, Ɗantala ma ya murmusa. Bayan wata biyu, da ya zo ganin gida, ya tarar an rataya wani tsohon asabari da buhunan algarara a gefen gabas, an kuma tokare wani yankin zana a ƙarƙashin kwanon robar. Bai tambayi kowa ba. Ya ce, “Wa ya maƙala wannan tsumma a nan?” Ya fizge su ya jefar bayan rumfa. Ubansa yana zaune yana feƙe ƙota, bai ɗago kai ba.

To, a bazarar da ta biyo baya ne aka kira shi gida. Ranar Asabar ya iso da safe. Bayan gaisuwa, Turai ta juya masa gefe tana tankaɗe, ta yi magana kamar da rariya take yi.

“Kayan mai gidan nan sun fara karyewa. Gatari uku aka dawo da su. Jiya kuma gizagon Ɗanjuma na Jajaye ya ɓantale, gutsuren ya shige masa ƙwauri. An ce idon mai gidan ne. 'Yan'uwansa sun zauna, sun ce ya ajiye masaba kafin ya nakasa wani. Sun ce mai ilimin abin ya zo ya duba, in haka ne shi zai gaya masa.”

“Shi Baban me ya ce, Inna?”

“Ya ce to.”

Wannan “to” ɗin ta fi komai tayar masa da hankali. Ɗantala mutum ne da zai yi musu da kai a kan ko yau Laraba ce. Ban da ƙira kuma ba shi da wani abu. Ba ya zaman majalisa, ba ya noman kirki. In aka raba shi da wuta, sai dai a shimfiɗa masa tabarma a zaure ya riƙa amsa sallama har Allah ya yi ikonsa.

Ya tarar da su biyu a rumfar. Ɗantala yana kan guntun turminsa kusa da uwar maƙera. Ɗanjuma, masassaƙin turame da akusa, ya miƙe ƙafa ɗaya a naɗe da bandeji, fuskar nan tasa kamar an aiko masa da sammaci. Aka gaisa, aka tambayi iyali da zafi da ya jiki.

“Jiki ga shi nan, Injiniya,” in ji Ɗanjuma. “Shekara ashirin da shida ina sassaƙa da ƙirar tsohon nan. Ko a kasuwar Rogo in na ga gizago ba na ko ɗagawa. Jiya sara na uku a jikin ƙirya, na ji ƙas! Na duba ƙasa na ga jini. Ni ba ƙara na kawo ba. So nake a gaya mini gaskiya, in koma wani wuri ko in tsaya.”

Ya miƙo gizagon da gutsuren da aka ciro. Bahauddeen ya karɓa. Da fari ya ɗauki magagari ya goga a gefen bakin. Magagarin ya zame, ya ɗan kama kaɗan, daidai yadda ake so. Ba a bar ƙarfen da laushi ba, ba a kuma bar shi da tauri fiye da kima ba. Sannan ya juya wurin da ya karye ya fuskanci haske, abin da ba a rasa ba a wannan rumfa. Cikin karayar yana walƙiya, ƙwaya-ƙwaya, manya, kamar an barbaɗa sukari.

“Da wane ƙarfe aka yi, Baba?”

“Sifirin mota. Wanda na saba.”

“A me aka ba shi ruwa?”

“Baƙin mai. Ruwa yana tsaga sifirin.”

Duk daidai. Bahauddeen ya riga ya karanta abin da ke rubuce a karayar, kuma bai so abin da ya karanta ba.

“Ka gani ka yi shiru,” in ji Ɗanjuma. “Yi mana bayani da Hausa. Mu ma mun biya kuɗin makaranta, da jininmu.”

Ya tsuguna ya yi bayani, idonsa a kan gizagon don kada ya haɗu da na ubansa. Ya ce ƙarfen sifirin ba ƙarfe ba ne zalla. Akwai ɗan sinadarin gawayi a jikinsa, kabon, bai ma kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma shi ne mai gidan. In aka gasa ƙarfe ya haura digiri ɗari bakwai da 'yan kai, tsarin cikinsa yana sauyawa, kabon ɗin ya bazu ko'ina kamar gishiri a miya, alhali ƙarfen bai narke ba. In ka bar shi ya huce a hankali, kabon yana samun lokacin tattara kansa ya koma gefe, ƙarfe ya fito da laushi. In kuwa ka tsoma shi cikin mai farat ɗaya, ka rufe masa ƙofa ke nan. Ya maƙale a inda yake, cikin ƙarfen ya takura, ya ɗaure. Wannan ɗaurin shi ne tauri.

“A makaranta matansait muke ce masa. Yana da tauri ƙwarai, amma yana da gautsi kamar kwalba. Shi ya sa ba a tsayawa a nan. Sai a sake ɗumama shi kaɗan, digiri ɗari biyu zuwa ɗari uku, kabon ya ɗan samu wurin motsi, ɗaurin ya sassauta. A rasa tauri kaɗan, a sami jimiri. Launukan nan da kake gani suna tafiya a bakin gatari, wata siririyar fata ce da iska ke yi wa ƙarfe mai zafi. Tana ƙara kauri, launi yana sauyawa. Da ita maƙeri yake auna zafin.”

“To duk wannan tsohon ya sani, ba da sunan mata ba,” in ji Ɗanjuma. “Ina aka kuskure?”

“A wutar farko. Zafin da ake so ɗari takwas da ɗan ɗori ne. In ya wuce sosai, ya doshi dubu, ƙwayoyin cikin ƙarfen sai su riƙa cinye junansu suna girma. Ƙananan ƙwayoyi suna tare tsaga, manya kuwa hanya suke ba ta. Ka ga wannan walƙiyar? Manya ne. Kuma ɗumin baya ba ya mayar da su ƙanana. An tsoma shi ne bayan ya wuce lokaci.”

“Da me ake gane lokacin?”

Bahauddeen ya ajiye gizagon. “Da ido.”

Ɗanjuma ya dubi ƙafarsa. Wata akuya ta shigo ta gefen yamma, ta ratsa rumfar ta fita ta gabas ba wanda ya kore ta. Ɗantala ya tura gawayi cikin murhu da bakin awartaki, a hankali, kamar ba da shi ake ba.

“Baba,” in ji Bahauddeen, “ko za a gwada ɗaya a gabana?”

“A gwada.” Tsohon ya jawo wani siririn yankin sifirin, mai tsawon taƙi, ya cusa cikin gawayi. “Amma tunda nawa idon ake zargi, kai ka duba. Ni zan yi zuga. In ya yi, ka ce ya yi.”

“Wane launi kake jira?”

“Jan zoɓo, in an ɗaga kofi.”

Injin zugar na wilin keke ne, ana juya shi da hannu. Ɗantala ya kama ya soma juyawa. Rana ta riga ta hau kan kwanon robar, haske ya sauko kan murhun ya kwanta. Bahauddeen ya riƙe awartaki yana jan ƙarfen yana dubawa. Baƙi. Ya mayar. Ya sake jawowa, toka-toka, da ɗan duhun ja a gefe in ka ƙura ido. Ya mayar. Gumi ya fara bin bayansa. A karo na huɗu ne ya ga ja sosai, ja mai kyau, irin wanda kowa zai rantse zoɓo ne.

“Ya yi!”

Ɗantala ya karɓi awartakin ya tsoma ƙarfen cikin garwar baƙin mai. Wuta ta tashi ta mutu, hayaƙi ya turnuƙe. Da ya huce ya goge shi da tsumma, ya ɗora rabinsa a gefen uwar maƙera, ya ba shi masaba ɗaya. Ya karye kamar rake. Bai ko duba ba ya miƙa wa ɗansa.

Sukari. Manya-manya, sun ma fi na gizagon.

Bahauddeen ya juya guntun sau biyu. Idonsa lafiya lau yake, ko watan jiya an gwada su a wurin aiki. Ya dubi murhun, ya dubi guntun, ya rasa ta inda zai kama. Sai ya tashi ya shiga gida, ya kwance wata tsohuwar rediyo da ke ɗakin Turai tun zamanin da take magana, ya ciro maganaɗisun sifikarta, ya ɗaura a bakin wata wayar ƙarfe. Wannan dabara ce da aka koya musu a shekarar farko, suka rubuta a jarrabawa suka manta. Ƙarfe in ya kai digiri ɗari bakwai da saba'in, maganaɗisu ya daina kama shi. Ɗan ƙari kaɗan a kan haka shi ne lokacin ban ruwan sifirin.

Aka sa wani yankin. Ɗantala ya yi zuga. Bahauddeen yana jawowa yana taɓawa. Ya kama. Ya kama. A karo na uku maganaɗisun ya yi lilo ya wuce, kamar ƙarfen itace ne. Ya dubi ƙarfen. A idonsa da kyar za ka ce ya fara ja. Shi da kansa, ba don wayar da ke hannunsa ba, da ya mayar da shi wuta ya ce a ƙara zuga.

Akwai wata tsohuwar ganga a kwance kusa da murhu, bakinta a buɗe. Tun da ya shigo ya gan ta, har ya yi niyyar cewa a fitar da ita don tana ɓata wuri. Ɗantala ya nuna ta da haɓa. Bahauddeen ya zura ƙarfen cikin duhun gangar. Nan take ya haskaka, ja sosai, jan zoɓo.

Ya daɗe a tsugune, har ƙarfen ya dushe ya koma baƙi. Sannan ya ɗaga kai ya dubi fallayen roba guda huɗu da ya sayo a Kano, ya ɗauko a kan mota, ya tsaya a kan kafinta har aka kafa su daidai saman murhu don Baba ya riƙa ganin aikinsa da kyau. Ƙarfe mai zafi nasa hasken yake bayarwa, kuma ɗan kaɗan ne. A cikin duhu ana ganinsa tun yana ɗari shida. A ƙarƙashin rana kuwa, kafin ido ya ce ja, ƙarfe ya yi nisa. Ya san wannan. Yana cikin littafi, har da gargaɗi a ƙasan jadawalin launuka. Amma mai tanderu mai lamba ina ruwansa da ƙasan jadawali? Garin neman gira ya tsone ido, kuma ba nasa ba.

Ɗanjuma ya bi idonsa zuwa rufin, ya dawo da shi kan gangar, ya ce, “Ikon Allah.” Sannan, da yake mutum ne mai hankali duk da bakinsa, ya jawo sandarsa ya ce bari ya je ya gaida wani a cikin gari. Ya ɗingisa ya fita.

“Baba, ka sani.”

“Wane maƙeri ne bai sani ba?”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da aka ɗora kwanon.” Ɗantala ya saki hannun injin. “Da sassafe nake ban ruwa, kafin rana ta hau. In ta cim mini, in leƙa a ganga. Yawanci ina dacewa. Amma gizago kafin ka ciro, ka kai ganga, ka gani, ka mayar, ka sake cirowa, wani lokacin sai ka zarce. Bazara ce, aiki ya taru. Na Ɗanjuma da hantsi na yi shi, yana tsaye a kaina yana sauri. Ban kyauta ba. Da na ce ya dawo gobe.”

“Me ya sa ba ka gaya mini ba?”

“Na rataya asabari.”

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma bai faɗa da zafi ba. Bahauddeen ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya yi wayo. Ya tuna yadda ya fizge asabarin, da kalmar da ya kira shi da ita, da yadda ya kakkaɓe hannu bayan ya jefar. Tsohon ya yi masa magana ranar, da irin harshen da uba yake yi wa ɗan fari, shi kuwa ya ɗauki maganar ya wurga bayan rumfa.

“Amma har a ce ka makance? Har ka ce to?”

Ɗantala ya ɗauki guntun ƙarfen da ya karye yana juyawa. “Mutane daga Rogo, daga Jajaye, suna tsayawa a hanya su ce ga rumfar da ɗan Ɗantala ya gina wa ubansa. Wani har sauka yake daga babur. In na ce rumfar ce, me za su riƙa cewa in sun tsaya? Ido kuwa, kowane tsoho nasa yana tafiya. Ba abin kunya ba ne.” Ya ajiye guntun. “Da na ga jinin Ɗanjuma na ce to shi ke nan, gara in ajiye.”

Mai ba da labarin nan ba zai ce tsohon ya yi daidai ba. Ƙwaurin Ɗanjuma bai ci kunyar kowa ba, shi ya biya. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wani abin in ka haɗiye, a jikin maƙwabci yake fitowa. Sai dai mutanen da ba sa iya kiran sunan ɗansu, ba a yi mamaki ba in sun kasa ce masa ya yi kuskure.

Bahauddeen ya zagaya bayan rumfa. Ba ya tsammanin samun komai, wata goma ke nan. Sai ga asabarin a naɗe, an ɗaure shi da igiya wuri biyu, an ɗora a kan duwatsu don kada gara ta ci. Buhunan suna ciki a linke. Ya kinkimo su ya dawo, farar shaddarsa ta ɗebi rabonta na baƙi. Ya ɗaga asabarin a gefen gabas yana neman inda zai ɗaura.

“Matsa hagu,” in ji Ɗantala. “Akwai waya a nan.”

Akwai kuwa. Guntayen wayoyin da tsohon ya murɗa a jikin bututun suna nan, ba a taɓa kwance su ba.

Asabari ɗaya bai isa ba. Turai, ba tare da ta tambayi komai ba, ta turo zana biyu daga cikin gida ta kan katanga. Ya aro tsani a maƙwabta ya hau rufin da tsakar rana, kwano yana gasa masa gwiwa, ya shimfiɗa buhuna a kan fallayen robar ya danne da tubala. Masu wucewa suka rage tafiya kamar yadda suka saba. Wani a kan keke ya ɗaga murya ya ce, “Injiniya, lafiya? Yoyo take yi?” Ya ce, “Yoyo take yi.”

Bayan azahar Ɗanjuma ya dawo. Ya tsaya a bakin rumfar yana ƙifta ido, sannan ya sunkuya ya shiga ya nemi wuri.

“Malam Ɗanjuma,” in ji Bahauddeen, “idon Baba lafiya yake. Rufina ne ya sare ka. Ka yafe mini. Kuma duk wanda ya tambaye ka a Jajaye, haka za ka gaya masa. Su baffa ni zan je in gaya musu da kaina.”

“Yafiya na yafe. Amma faɗa sai na ga gizago tukuna.”

Ɗantala ya yanke bakin da ya lalace, ya buga sabo a jikin gizagon. Da ya gama bai kai shi mai ba. Ya gasa shi ya yi ja, ya ajiye a gefe ya huce a iska har ya yi baƙi. Ya sake, ya kuma sakewa.

“Hutar da shi nake,” ya ce da bango. “Ƙarfen da ya sha wuya ba a ba shi ruwa a gajiye.”

Bahauddeen yana juya wilin. A wurin aikinsa ma haka suke yi wa ƙarfen da ya zarce. Duk sanda ya haura wancan zafin ya sauko a iska, sababbin ƙwayoyi ƙanana suna tsirowa a madadin manyan. Yana da suna a littafi, amma bai ga amfanin kawo shi yanzu ba.

Sai aka zo ban ruwa. Tsohon ya sa gizagon, ya sa wani siririn yanki a gefensa na gwaji. Cikin rumfar ya yi duhu-duhu, garwashi kaɗai ke haske. Bahauddeen, hannu ɗaya a zuga, ɗaya riƙe da wayar maganaɗisu, ya miƙa ya taɓa yankin gwajin. Ya kama. Can ya sake taɓawa, ya saki. Bai faɗa ba. Ya ci gaba da juyawa yana ƙirgawa a zuci. Bai kai goma ba Ɗantala ya ce, “Tsaya.”

Ya fara tsoma yankin gwajin gaba ɗaya ya bar shi a garwa. Sannan ya ciro gizagon ya tsoma bakinsa kaɗai, kamar faɗin yatsa uku, yana ɗan motsa shi sama da ƙasa. Gindin yana waje da sauran zafinsa. Ya ɗago, ya share man da tsumma, ya murza bakin da guntun dutsen wasa har ya yi fari. Sai ya miƙe da sauri irin wanda ba a zaci tsoho da shi ba, ya ture gefen asabarin da kafaɗa, ya fitar da gizagon cikin hasken rana.

“Nan ne haskenka yake da amfani,” ya ce, idonsa a kan ƙarfen.

Bahauddeen ya leƙo ta bayansa. Zafin gindin yana gangarowa zuwa baki, yana koro launuka a gabansa. A gaba akwai ruwan busasshen kara, a bayansa na fatar gyaɗa, sannan na wuyan tattabara, can baya shuɗi. Suna tafiya a hankali, amma ba sa jiran kowa. Ruwan kara ya isa baki. Ɗantala bai motsa ba. Ya ƙara duhu, ya fara komawa fatar gyaɗa, a daidai tsinin, siriri kamar zare. Tsohon ya juya ya nutsa gizagon duka cikin garwar mai. Mai yanar ido ba zai taɓa kama wannan zaren ba.

Aka ciro yankin gwajin aka karya. Cikinsa toka-toka ne, sumul, ba walƙiya ko ɗaya, kamar garin da aka tankaɗe sau biyu. Bahauddeen ya miƙa wa Ɗanjuma tare da na safe, ɗaya a kowane hannu. Masassaƙin ya duba wannan, ya duba wancan, ya jefa duka biyun a aljihu.

“Waɗannan zan nuna a Jajaye. Bayaninka na mata ba zan iya maimaitawa ba.”

Aka wasa gizagon aka sa masa ƙota. Akwai wani kututturen ƙirya a bakin hanya da ake ɗaure jaki. Ɗanjuma ya gyara tsayuwa, ya janye ƙafar mai ciwo baya sosai, ya sara. Ya sake. Ya yi ta sara har ashirin da wani abu, yana neman wurin ƙulli da gangan. Sannan ya shafa bakin da babban yatsa, ya rataya gizagon a kafaɗa.

“Akwai gatarina biyu da ke son baki,” ya ce. “Ranar Talata zan kawo.”

Da ya tafi, uba da ɗa suka tsaya a bakin hanya suna kallon rumfar. Zana a nan, asabari a can, buhuna suna reto daga rufi, hayaƙi ya riga ya fara shafa farin bangon. Wani mai babur ya zo wucewa, bai ko waiwayo ba.

“Ta yi muni,” in ji Ɗantala.

“Ta yi.”

Tsohon ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu. Sai ya sunkuya ya shige ƙarƙashin asabarin, ya zauna a kan guntun turminsa, ya jawo gaturan nan uku da aka dawo da su.

“Kai,” ya ce daga cikin duhun. “Zo ka yi zuga.”